Yadda nake auna gajeren labarin ɗalibi

Aikin koyar da Hausa a sakandare a nan Sakkwato ya koya mini cewa jan biro ba shi ne farkon abin da ake ɗauka ba idan ɗalibi ya miƙo ƙagaggen labari. Ido yana saurin kama kuskuren rubutu, kuma da zarar malam ya cika shafin farko da ja, zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci tun bai san abin da labarin ya ƙunsa ba. Shi ya sa nake karatun farko hannu sake, kamar mai karatu kawai. A karatu na biyu nake raba maki arba'in gida huɗu, goma-goma: zubi, taurari, harshe, da ƙirƙira. Kowanne da ma'auninsa, don kada kyan ɗaya ya rufe aibin ɗaya.

Zan kawo misali da labarin wata ɗaliba 'yar aji ɗaya na babbar sakandare, shafi uku da rubutun hannu. Wani yaro ne mai suna Bello, mahaifinsa manomin albasa a fadamar Kwalkwalawa. Uban ya kwanta ciwo, aka aiki yaron ya kai jar akuyar gidan kasuwar Kara ya sayar a sayi magani. Dillali ya raina ƙuruciyarsa ya karya kuɗin, abin da ya samu bai kai na maganin ba. Yana zaune bakin titi yana kuka sai ga wani Alhaji cikin mota, ya tausaya masa, ya biya komai har ya ɗauki nauyin karatunsa.

Hanyar da nake gwada zubi ita ce in taƙaita labarin cikin jimloli biyar ko shida, sannan in duba abin da ya haɗa kowace jimla da ta gabanta. In zan iya sa "saboda haka" a tsakani, to wannan gaɓar ta kama. In kuwa "sai" kaɗai ke shiga, al'amura ne kawai aka jera. Uba ba shi da lafiya, saboda haka aka fitar da akuya. Bello yaro ne bai san ciniki ba, saboda haka dillali ya cuce shi. Har nan labarin yana tafe da ƙafarsa. Amma zuwan Alhaji ba abin da ya jawo shi. Ba a ambace shi a baya ba, kuma ba wani abu da Bello ya yi ko ya ƙi yi da ya kai ga wannan taimako. Wannan ita ce cutar da na fi gani a rubutun yara: su ƙulla matsala da kyau, sai kwancewa ta gagara, su kira attajiri ko hatsarin mota, ko su ce ashe mafarki ne. Na ba ta biyar, kuma duk biyar ɗin na rabin farko ne.

Wajen taurari, tambayata ita ce me babban tauraro yake so, kuma wace shawara ya yanke da kansa. Bello yana son maganin mahaifinsa, wannan a fili yake, amma tun daga gida har ƙarshe tura shi ake yi. Sai kuma na rufe sunaye da yatsa na karanta maganganun kaɗai, in ga ko zan gane mai magana. Uwa da uba da Alhaji duk bakinsu ɗaya, nasiha suke yi da dogayen jimloli. Dillalin ne kaɗai mai rai. Ya buɗe bakin akuya ya dubi haƙora, ya matsa ƙugunta, ya ce, "Yaro, wa ya aiko ka? Wagga ai ta tsuhwa." Wannan layin ya nuna mugun wayonsa ba tare da an ce mana shi macuci ne ba. Shida na bayar.

Harshe ne wurin da malamin Sakkwato ya kamata ya yi hattara ƙwarai. Yaranmu da Sakkwatanci suka tashi, suna cewa munka da sunka da shina da tahi, alhali jarrabawar WAEC da NECO daidaitacciyar Hausa suke nema, wadda aka gina galibi bisa karin Kano. Akwai masu jan layi ƙarƙashin duk kalmar Sakkwatanci da suka gani, ni kuwa ban yarda da haka ba. Ina raba muryar mai ba da labari da muryar taurari. In dillalin Kara ya ce "mi kaka so", daidai ne, har ma ƙarin maki ne, domin haka yake magana. Amma in mai ba da labari ya rubuta "da suka isa" a sakin layi na ɗaya, ya koma "da sunka iso" a na biyu, wannan rashin tsayawa kan tsari guda ne, kuma ita ta yi haka a wurare da dama. Sauran kurakuran nata na ƙa'idojin rubutu ne da aka saba gani: haɗe "yace" maimakon "ya ce", da barin ƙugiya, har ta rubuta "kasa" inda take nufin ƙasa. Kuskure iri ɗaya sau ɗaya nake hukunta shi, ko da ya maimaitu sau goma, tunda ƙa'ida guda ce ba ta riƙe ba. Nan ma shida.

Ƙirƙira ta fi sauran wuyar aunawa. Ba sabon jigo nake nema ba, domin talauci da ciwo da ha'incin kasuwa an daɗe ana rubuta su. Abin da nake farauta shi ne ɗan abin da ba za a samo a fim ko a littattafan da ke yawo a waya ba, wanda sai mai ido ya gani. A labarinta akwai shi. Bayan ciniki, Bello ya kwance igiyar wuyan akuyar ya naɗe a hannu, da ya kusa gida ya cusa ta cikin aljihu don kada ƙanwarsa, wadda ita ke ba akuyar dusa, ta gani. Jimla biyu ce kacal, amma ita ta sa na yarda cewa yarinyar marubuciya ce. Alhajin mota kuwa aro ne, kowa ya san inda ake ganin irinsa. Bakwai na ba ta.

Game da zargin kwafe, alamar da ke sa ni tsayawa ita ce sauyin murya farat ɗaya, kamar ɗalibin da kullum Sakkwatanci ke kuɓuce masa ya kawo sakin layi sumul da salon 'yan birnin Kano. Amma alama ba hujja ba ce, yaro mai yawan karatu yana iya kwaikwayon salo ba tare da ya saci komai ba. Don haka ba na tuhuma, tambaya nake yi kan abin da ba ya cikin takarda. Na ce mata, "Ɗiyata, nawa dillalin ya fara tayawa, kuma ina ƙanwar take sa'ad da aka fita da akuyar?" Ba ta yi jinkiri ba ta ce, "Malam, islamiyya ta tahi, da gangan anka jira ta hita." Wanda ya kwafa ba ya da irin wannan amsa.

Jimilla ashirin da huɗu cikin arba'in. A ƙasan takardar ban lissafa duk aibobin ba, abu biyu na rubuta. Na farko, ta cire Alhaji, ta sa Bello ya yi wani abu da kansa bayan ya gane an cuce shi, ko ya koma wurin sarkin dillalai ya kai ƙara, ko ya dawo gida ya faɗi gaskiya, ko da labarin zai ƙare ba daɗi. Na biyu, ta tsayar da mai ba da labari kan daidaitacciyar Hausa, ta bar wa dillali da mutanen gida bakinsu yadda yake. Na ba ta mako guda ta sake rubutawa, kuma makin sabon rubutun ne zai shiga rajista.