Yaron shagon da ya ceci wasana

Bara matasan unguwarmu a Aboabo, nan Kumasi, suka ɗora mini rubuta wasan da za mu yi bayan ƙaramar Salla. Jarumina tela ne a kasuwar Kejetia, Mamuda, gwani amma ba ya taɓa amsa laifinsa. Don masu kallo su gane halinsa, sai na sa matarsa da abokinsa suna ta ce masa, "Kai dai girman kai zai kashe ka." A gwajin farko har 'yan wasan hamma suke yi.

Gwaggona, wadda ta zo kawo mana koko da ƙosai, ta saurara ta ce, "Ɗana, a tatsuniya wa ke tsayawa yi maka bayanin haɗamar Gizo? Ƙoƙi ake ajiyewa kusa da shi, kai da kanka ka gani."

Daren nan na ƙirƙiro Ɗanladi, yaron shago. Na jefa su cikin matsala iri ɗaya, ana saura kwana 3 Salla. Ɗanladi ya ƙona hannun rigar wani yaro da dutsen guga; mai kaya na zuwa ya durƙusa ya faɗa, ya ce a cire a kuɗinsa. Da yamma Mamuda ya yanka shaddar wani Alhaji ba daidai ba, ya cusa ta ƙarƙashin tebur, ya ce yadin ne bai kai ba. Ba wanda ya furta "girman kai", amma a gwaji na biyu wata yarinya ta yi tsaki da ƙarfi. Na ji sanyi a raina.

Kuma yaron ne ya tura labarin gaba. Alhaji ya tambaye shi yadi nawa aka kawo. An riga an ga ba ya ƙarya, saboda haka da ya ce "Biyar ne, Alhaji," asirin maigida ya tonu ba tare da na nemo wata dabara ba. Da can in na cire abokin Mamuda, wasan ba ya ko girgiza. In na cire Ɗanladi, ƙarshen ya rushe.

Sai kuma na zaƙe. Na ba shi fitowa 5, na mai da shi waliyyi mai wa'azi, har 'yan wasa suka daina tambayar makomar Mamuda, kowa Ɗanladi. Na rage zuwa 3, na goge wa'azin kaf, na ba shi tasa buƙatar: yana tara kuɗin keken ɗinki, kuma ya san gaskiyar nan za ta iya raba shi da shagon. Don haka kafin ya ce "biyar" sai ya yi jim, ya dubi maigidansa.

Ranar wasa, a daidai wannan shirun, wani dattijo daga baya ya ɗaga murya: "Faɗa masa mana, yaro!"