Inda na kai da ɗinkin kayan tafiyar hamada

'Yan'uwa masu koyon ɗinki, 'yar cikin ta kammala, taguwar sama kuma na yanka ta, saura haɗa hannu da kalmasa. Kayan wani yayana ne mai bin hanyar Agadas zuwa Bilma.

Wasunku sun ce riga biyu a wannan rana ai ƙarin azaba ne. Fatar mutum zafinta bai cika wuce digiri 35 ba. In iska ta haura 40, ga rana tana duka, ga rairayi yana maido da zafi daga ƙasa, duk inda aka bar fata a buɗe zafi ne ke shiga. Jiki sai ya yi ta zubar da gumi don ya kore shi, ruwan da matafiyi ke tattali kenan yake ƙarewa. Rigar sama ita ke tare rana. 'Yar ciki tana shan gumi, busasshiyar iskar da ke ratsa tsakanin rigunan tana busar da shi, jiki ya yi sanyi.

Shi ya sa na fi ba da ƙarfi ga faɗi. Ƙirjinsa inci 40 ne, na ba 'yar ciki 48, taguwa 60, tsawonta har ƙwauri. Na saki hammata sosai, na tsaga gefe biyu daga gwiwa zuwa ƙasa, wuya ma ban matse ba. Iskar da ta ɗumama a ciki tana tashi ta fita ta wuya, sabuwa ta shigo ta ƙasa, in yana tafiya kuma rigar da kanta take yi masa fifita. Shafi kuwa ban sa ba, don yana toshe wannan hanyar.

Auduga zalla na saya. Ku kara yadi a baki ku hura: in iska ba ta ratsa ba, ku ajiye shi. Ku ɗaga shi ga rana kuma, in kuna ganin yatsunku sarai ta cikinsa, ya yi shara-shara, sai dai a yi 'yar ciki da shi. Ku jiƙa shi ya bushe kafin yanka, auduga tana shiga.

Batun launi, a 1980 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a hamadar Negev ta Isra'ila da rigunan Larabawan ƙauye, aka ga baƙar riga ta fi fara ɗaukar zafin rana, amma abin da ya isa jiki kusan ɗaya ne, saboda rigunan masu yalwa ne. Ni dai fari na zaɓa, don baƙin da ya manne a kafaɗa yana ƙuna.

Wannan dabarar ta busasshiyar ƙasa ce. A wuri mai laima gumi ba ya bushewa, riga biyu sai ta jiƙe ta lafe a jiki.

Gwajin da zan yi shi ne ya saka su da azahar ya zagaya. In baya ko hammata suka manne, zan ƙara ƙyalle a nan. Daga nan sai wando mai faɗin hantsa da zariya, sannan rawani.