Haruffa uku da suka raba mu da abokin cinikinmu

Makon nan zan bar sashen fitar da kaya, kuma har yau maganar kwantenar yadin nan ba ta bar zuciyata ba.

Ni na rubuta wa mai sayen takardar farashi: dala 40,000, CIF Rotterdam, wato farashin ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora har tashar jiragen ruwa ta Rotterdam. Ya amsa cewa madalla, tunda kuɗin jirgi da inshora suna kanmu, hankalinsa ya kwanta. Na karanta, ban tanka ba. A nan na yi kuskure, domin abin da ya fahimta shi ne kayan suna wuyanmu har su isa hannunsa.

Ba haka CIF yake ba. Mai sayarwa ne ke biyan kuɗin jirgi da inshora zuwa tashar da aka ambata, gaskiya ne. Amma daga lokacin da aka ɗora kaya a jirgi a tashar lodi, duk asarar da ta same su ta mai saye ce, kuma shi zai bi kamfanin inshora ya biya shi. Mai biyan kuɗin daban, mai ɗaukar asarar daban.

Ruwan teku ya shiga kwantenar a hanya, kusan rabin yadin ya lalace. Sai muka buɗe takardar inshora. An yi ta a kan dala 44,000, wato kashi 110 cikin ɗari na farashi, yadda Incoterms 2020, dokar cinikin ƙasa da ƙasa da CIF ke cikinta, ta tanada. Sai dai a cikin matakan inshorar kaya da ake kira Institute Cargo Clauses, matakinta C ne, mafi ƙanƙanta, wanda shi kaɗai CIF ya wajabta. Wannan yana biyan gobara, nutsewar jirgi, karo da makamantansu, amma babu shigar ruwa a ciki. Da matakin B aka saya, da an biya ruwan teku, A kuwa ya fi su duka faɗi.

A takarda ba mu da laifi. Mutumin bai sake sayen ko yadi ɗaya a wurinmu ba.

Shugaban sashenmu, wanda shi da kansa ya zaɓi inshora mafi araha, ya tsaya a taro ya ce ban iya rubuta wa baƙi wasiƙa ba. Na haɗiye. Rabin maganarsa gaskiya ce, rabin da ya rage kuwa shi ya san inda ya ajiye shi.

Tun daga ranar, ba na tura haruffa uku su kaɗai. Ina rubuta sunan tasha da shekarar dokar, sannan in bi da jimloli a fili: wa ke biyan jirgi, wane matakin inshora za a saya, a ina asara ke komawa kan mai saye, wa zai biya kuɗin sauke kaya a can. Sai ya amsa a rubuce kafin mu yi lodi.

Kayan kwantena kuwa, wani sharaɗin mai kama da CIF da ake kira CIP ya fi dacewa da su, kuma tun bugun 2020 matakin A yake wajabtawa. Na faɗa wa wanda zai gaje ni. Shugaban dai har yanzu CIF yake so.