Kafin ka kunna sabon aikin sabunta bayanai, bar shi ya yi gwaji a gefe

Ƙannena masu shigowa wannan sana'a ta kula da bayanai, akwai ranar da za a ce ku rubuta sabon shirin da zai riƙa sabunta alƙaluman allon bayanai, domin tsohon ya yi nauyi ko wanda ya rubuta shi ya bar wurin. Idan ranar ta zo, kada ku kunna shi kai tsaye. Ku sa masa `--dry-run`, ya karanta bayanan gaske, ya yi lissafinsa duka, amma ya zuba sakamakon a tebur na daban, tsohon kuma yana ci gaba da ciyar da allon da mutane suke kallo. Wannan kowa ya sani. Inda ake faɗuwa shi ne yadda ake kwatanta sakamakon biyu, kuma nan ni ma na faɗi.

Ina kula da bayanan wani kamfanin sari a Garwa, mai rassa a Marwa da Kusiri da Ngaundare. Kowace safiya Alhaji yakan buɗe allon a wayarsa ya ga cinikin jiya na kowane reshe. Da na gama sabon shirin, na yi gwajin, na tara jimillar cinikin mako a tsohon tebur da sabon, suka zo daidai har sefa ɗaya. Na yi hamdala na kunna. Ba a daɗe ba akawun Marwa ya kira ni: "Malam, allonka ya rage mana jaka ɗari da tamanin a cinikin ran sha huɗu, ga takardunmu a hannu."

Gaskiyarsa. A ranar 14 tsohon lissafi ya ba da sefa 4,350,000, nawa ya ba da 4,170,000. Kuɗin ba ɓata suka yi ba, 180,000 ɗin suna zaune a kan ranar 13. Dalilin shi ne agogo. Kamaru tana gaban agogon `UTC` da awa ɗaya duk shekara, sabar da na ɗora shirin a kai kuma da `UTC` take aiki. A Marwa ana loda motoci da daddare, sai a yanka rasit ƙarfe sha biyu da minti ashirin na dare. A wurinmu sabuwar rana ta shiga, a wurin sabar kuwa ƙarfe 23:20 ne na jiya. Duk abin da aka sayar tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya sai ya koma baya da kwana guda. Jimillar mako ba za ta tona wannan ba, saboda abin da ya fita daga wata rana ya faɗa cikin maƙwabciyarta, sai dai in cinikin daren ya faɗo a bakin makon. Gyaran a PostgreSQL layi ɗaya ne, `(vendu_le AT TIME ZONE 'Africa/Douala')::date`, idan ginshiƙin `timestamptz` ne. Amma bayanin da na sha yi wa Alhaji ya fi layi ɗaya nesa ba kusa ba.

Saboda haka a kwatanta a matakin da mai kallo yake gani. Idan allon yana nuna rana da reshe, to rana da reshe za a jera, layi da layi:

```sql
SELECT jour, agence, a.total AS ancien, b.total AS nouveau
FROM ventes_jour a
FULL JOIN essai.ventes_jour b USING (jour, agence)
WHERE a.total IS DISTINCT FROM b.total;
```

A nan `ventes_jour` teburin tsohon shiri ne, `essai` kuma wurin da na ware wa teburorin gwaji. Abu biyu na cikin wannan umarni da gangan na sa su. `FULL JOIN` yana fito da layin da yake a gefe ɗaya kawai, misali ranar da Kusiri ta ɓace gaba ɗaya daga sabon tebur. Da `JOIN` zalla ne, layin zai zame shiru ka ɗauka komai lafiya. `IS DISTINCT FROM` kuma yana ɗaukar `NULL` a matsayin bambanci, abin da `<>` ba ya yi. Siffar bambancin ma tana faɗa maka ciwon. In ka ga ragi yau da ƙari daidai shi a jiya, agogo ne. In adadi ya ninka biyu cif, je ka duba haɗin teburori, wani layi ya maimaitu. In kuwa ranar ƙarshe ce kaɗai take saɓawa kullum, yawanci shirye-shiryen biyu ba lokaci ɗaya suka karanta ba: reshen da intanet ya yanke masa ya turo rasitansa a makare, ɗaya ya gan su, ɗayan bai gani ba. Ka ba su iyakar lokaci guda, ko ka ware ranar da ba ta rufe ba daga kwatancen.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni, don gwajin da kansa ne ya yi ɓarnar. Shirin sabuntawa yakan ajiye alamar inda ya tsaya, wato lokacin rasit na ƙarshe da ya ɗauka, domin gobe ya ɗora daga nan. Da na koma gwaji bayan gyaran agogo, na toshe rubutu zuwa babban tebur, na manta cewa sabon shirin da tsohon alama ɗaya suke karantawa. Nawa ya tashi ƙarfe biyu na dare ya matsar da ita gaba. Tsohon ya tashi ƙarfe uku, ya duba bai ga sabon abu ba, ya gama cikin ƙiftawar ido ba tare da kukan kuskure ko ɗaya ba. Da safe allon ya nuna babu cinikin jiya. In ka ga aikin da ya saba ɗaukar mintoci ya ƙare a daƙiƙa biyu, ya ce layi sifili ya ɗauka, fara duba alamar nan.

Tun daga lokacin na daina dogara da `if dry_run` da na watsa cikin shirin, domin wuri ɗaya da ka manta ya isa. Yanzu gwaji yana shiga rumbun bayanai da asusu nasa, mai izinin karatu kawai a kan teburorin gaske, izinin rubutu kuma a `essai` kaɗai, da alamarsa ta kansa a can. In ya kai hannu inda bai dace ba, rumbun ne zai ce `permission denied`, ni kuma in gani tun ba a yi asara ba. Saƙonnin da shirin yake turawa manajoji ma a kashe su. Ba daɗi manajan reshe ya farka da rahoto biyu masu saɓa wa juna.

Kada kuma ku ɗauka tsohon ne mai gaskiya kullum. A kwatancenmu na ga yana ƙirga rasitan da aka soke bayan kwana ɗaya, sabon kuwa yana cire su. Irin wannan ba kai za ka yanke hukunci kai kaɗai ba. Ka kai wa akawu layukan, ya faɗi wanne ne daidai, a rubuta, a kuma sanar da masu kallon allon cewa alƙaluman baya za su ɗan motsa. Sharaɗina na kunnawa shi ne kowane layin da umarnin nan ya fitar ina da dalilinsa a rubuce.

Gwajin ya ratsa ƙarshen wata aƙalla sau ɗaya, don a nan ake shigar da kayan da aka dawo da su da gyare-gyaren akawu, abubuwan da tsakiyar wata ba ta nunawa. Ranar kunnawa ka zaɓi safiyar da kake ofis, ban da yammacin Juma'a. Tsohon shirin kuma ka sa `#` a gaban layinsa a `crontab`, kada ka goge shi, ka ajiye kwafin teburinsa na ranar har wata mai zuwa ya rufe.