Rubutun da ba zai zauna a ƙarƙashin hoton wani ba

Sana'ata ɗaukar hoto ce a Kano, kuma rabin cinikina na mutanen da suka kammala wani abu ne: ɗaliban jami'a ranar da suka rubuta jarrabawar ƙarshe, masu yi wa ƙasa hidima ranar da suka karɓi takardar sallama, telolin da aka yaye, da masu walimar saukar Alƙur'ani. A da, hoto kawai nake bayarwa. Amma da yake yanzu kowane hoto Facebook ko Instagram ko WhatsApp zai nufa, sai ya zama da na tura wa mutum hotunansa, tambayar da ke biyowa ita ce, "To me zan rubuta a ƙasa?" Ta nan na faɗa aikin da ba wanda ya koya mini, har na fahimci wasu abubuwa game da shi.

Idan aka bar mutane da kansu, abin da suke rubutawa bai wuce jimloli ƙalilan da kowa ya haddace ba. Komai nisan dare gari zai waye. Mahaƙurci mawadaci. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Wanda ya ɗan yi boko kuma sai ya kwaso wata jimlar Turanci da aka liƙa wa sunan Mandela ko Einstein, ba tare da ya san ko su suka faɗa ba. A makon da wata jami'a ta yaye ɗalibai, kana iya bin hotuna a waya ka ga zakaran nan ya yi cara a ƙarƙashin fuskoki barkatai. Karin maganar ba ta da laifi, daɗinta ne ma ya sa ta yaɗu. Matsalar ita ce ba ta gaya wa mai karatu komai game da mai hoton. A shagona akwai rigar kammala karatu guda ɗaya da hularta da nake ara wa duk wanda ya zo, kuma irin waɗannan jimloli kamar rigar nan suke: tana shiga kowa, amma ba ta kowa ba ce.

Na daɗe ina lura kafin in gane cewa ba lalaci ne ke sa mutane aron magana ba, kunya ce. Bahaushe ba a tashe shi da cewa "na yi" ba. Yana tsoron a ce yana fariya, yana tsoron kambun baka, in kuma abin na addini ne yana tsoron riya. Karin magana sai ta zame masa mafaka: ya sanar da nasarar, amma ba da bakinsa ba. Wannan kunyar ban taɓa ƙoƙarin cire wa kowa ita ba, domin tarbiyya ce. Abin da nake nuna musu shi ne, faɗin abin da ya faru yadda ya faru ya fi kusa da tawali'u a kan maganar zakara. Wanda ya ce "na gama karatun ungozoma bayan na maimaita jarrabawa ɗaya" labari ya bayar. Wanda ya ce ana muzuru ana shaho kuwa, ya mayar da kansa gwarzo, ya kuma mayar da wasu muzurai. Ƙanwar wannan ita ce "hassada ga mai rabo taki ce", wadda da zarar an sa ta, 'yan uwa da abokan karatu za su shiga lissafin da wa ake, murnar ta koma habaici.

Gwajin da nake yi wa kowane rubutu guda ɗaya ne. Nakan ce wa mai hoto ya ɗauki jimlar ya sa ta a ƙarƙashin hoton abokinsa da suka gama tare. Idan ta zauna daram ba a canza ko kalma ba, to ba tasa ba ce. Alhamdulillah kaɗai na keɓe daga wannan gwaji, domin ita godiya ce ga Allah, ba ado ba, kuma ba ta tsufa don an yawaita faɗinta. Sai dai ita buɗe magana take yi, abin da aka gode wa Allah a kansa ne ya kamata ya biyo baya.

Aro mafi haɗari shi ne na abin da aka jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Masu kammala karatu suna son "ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne". Malaman hadisi tun na farko sun yi magana a kansa: Ibn Hibban ya ce ba shi da asali, Ibn Jauzi kuma ya lissafa shi cikin hadisan ƙarya. "Ku nemi ilimi daga zanin goyo zuwa kabari" ita ma magana ce mai kyau, amma ba ta tabbata hadisi ba. Ni ba malami ba ne, don haka dokata a nan gajeriya ce: abin da mutum bai tambayi masani a kansa ba, kada ya rubuta "Annabi ya ce" a gabansa. Ban da nauyin abin a addini, na sha ganin wani ya yi gyara a ƙasan hoto, wani ya mayar masa, kafin magariba an manta da mai digirin ana ta musu.

Wadda ta fi fito mini da yadda ake aikin nan wata Hajiya ce mai sayar da atamfa da leshi daga gida, uwar 'ya'ya, da ta yi sauka a Islamiyyar matan aure. Na ɗauke ta riƙe da allon zayyana, 'yarta a gefe. Da dare ta turo mini abin da ta shirya sawa: "Alhamdulillah. Mahaƙurci mawadaci. Ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne. Gemu ba ya hana ilimi. Masu cewa ba za mu iya ba, ga shi Allah ya yi." Ta ce in duba mata.

Na kira ta na ce, "Hajiya, a ajiye wannan tukuna. In da ƙanwarki ce ta kira daga wani gari ta ce yaya aka yi, me za ki ce mata?" Na roƙe ta ta amsa da saƙon murya, kada ta rubuta. Wannan ita ce dabarar da ta fi yi mini aiki, saboda mutum in ya riƙe waya zai rubuta, sai ya koma neman abin da ya taɓa karantawa, amma in yana magana da bakinsa, kalmominsa ne ke fitowa. Tambaya uku na haɗa mata da ita: yaushe aka fara kuma daga ina, wane wuri ne ya fi wuya, wa ya riƙe mata wani abu don ta samu zuwa.

Saƙon ya kai minti huɗu. Cikinsa ta ce lokacin da ta shiga, ko baƙi ba ta iya haɗawa sosai, ajin ƙasa aka sa ta tare da matan da ta girma nesa ba kusa ba. Ta ce shekara shida ta yi, ta tsaya sau ɗaya da ta haihu. Ta ce Baƙara ce ta kusa karya ta, kuma duk wanda ya yi karatun allo ko na Islamiyya ya san dalili: a tsarinmu daga ƙananan surori ake farawa a haura, sai a ƙarshe a iso surar da ta fi kowace tsawo, aya 286, kusan izu biyar cikin sittin. Sannan ta yi dariya ta ce, "Wallahi ɗana, 'yar nan tawa ce ke biya mini bayan isha'i, in na yi kuskure har tsawa take mini." Nan na ce mata rubutun ya samu.

Ga abin da ya fita, kuma babu kalmar da ba daga bakinta ta fito ba, jerawa kawai muka yi:

"Alhamdulillah, yau na sauke Alƙur'ani bayan shekara shida. Ranar da na shiga Islamiyya ko baƙi ban iya haɗawa ba. Baƙara ta kusa sa ni in haƙura, 'yata ce ke biya mini bayan isha'i, har da tsawa. Allah ya saka wa malamanmu, ya ba mu ikon aiki da shi."

Wannan ba zai zauna ƙarƙashin hoton kowa ba sai nata. Babu kuma inda ta yabi kanta a ciki: ta faɗi raunin da ta fara da shi, ta miƙa yabon ga 'yarta da malamanta. An sa labarin a jimlar farko da gangan. Instagram yana karɓar rubutu har harafi 2,200, amma kimanin 125 na farko ne ke bayyana kafin ya yanke, Facebook ma yana naɗe dogon rubutu. Wanda ya buɗe da karin magana biyu, ya ɓatar da wurin da yawancin mutane za su gani, nasarar kuma ta ɓuya a inda sai an latsa.

Mun ɗan ja da ita a kan "gemu ba ya hana ilimi". Tana son ta, ni kuma na ga jimlar haɗa baƙi ta riga ta yi aikinta, har ta fi ta. Da ta nace, da na bar mata a ƙarshe, ba a farko ba, domin karin maganar da ta zo bayan labari tana da abin da za ta jingina da shi. Ita ce da kanta ta karanta da ƙarfi ta ji ta yi yawa, ta ce a cire.

Fito da muryar kai yana da iyaka, kuma wannan ma a wurinta na gani. A saƙon muryar ta ambaci wani lokaci da kuɗin makaranta ya gagara saboda halin da maigidanta ya shiga a kasuwa. A wajen jan hankali, wannan ya fi komai ƙarfi cikin abin da ta faɗa. Ba mu sa shi ba, don sirrin wani ne, kuma dangin miji suna cikin masu ganin hoton. Tun daga nan, duk bayanin da ya fito daga saƙon murya nakan tambayi mai shi ko nasa ne shi kaɗai. Wahalar da mutum ya sha da kansa yana da ikon faɗinta; rashin lafiyar mahaifiya, bashin miji, ko sunan malamin da ya kayar da shi a jarrabawa, waɗannan sai da izinin masu su, in ba a samu ba a nemi wani bayanin. Masu digiri da masu hidimar ƙasa kuma ina ƙara musu da cewa su rufe lambar rajista da lambar takardar da yatsa kafin in ɗauka, ko in dushe su a kwamfuta kafin in tura.