Gashin Ummi

Laraba. Wuta ba ta zo ba, da sola muka yini, kuma batirin ya fara kuka tun kafin la'asar.

Da hantsi Yaya Sani ya shigo shago da hoton Ummi a wayarsa, wai a cire ta a ɗora a bango mai ruwan bula, a wanke babba saboda Inna. An ɗauke ta ne ranar da aka tsefe mata kai kafin mai kitso ta iso, gashin ya tashi buzu-buzu, tana dariya a jikin katangar ƙasar gidan. Na bar wa Auwalu na tafi kasuwar Ringim sayo takarda.

Na dawo na tarar ya bi gefen kan da Pen Tool, abin zana layin yanka a Photoshop, ya zagaye shi sumul kamar an kifa wa yarinya ƙwarya. Na ce, "Auwalu, aski aka ce ka yi mata?" Ya ce ai gashin ne ba ya kamuwa. Da gaskiyarsa. Pen na kafaɗa ne da riga, inda gefe yake da iyaka. Silin gashi kuwa ya fi ɗigon hoto siranta, shi ya sa kowane ɗigo a bakin gashin nan rabinsa gashi ne rabinsa katanga, babu layin da za ka bi.

Na fara gwada Select and Mask, na shafa bakin gashin da Refine Edge Brush. Ya kamo silin, amma ya haɗo da tsagun katangar, don duhunsu ɗaya da gashi a wurinsa. Sai na koma tsohuwar hanya, Channels, inda hoto ke rabuwa gida uku: Red, Green da Blue. A cikin ukun nan ana neman wanda gashi da bango suka fi rabuwa, kuma da yake katangar jar ƙasa ce da rana a kanta, a Red ta fito fes da haske, gashin ya zauna baƙi. Na kwafi Red ɗin, na danna Ctrl+L na buɗe Levels, na riƙa matso da baƙi da fari a hankali. Nan ake yin ɓarna: in ka matse da yawa, ƙananan silin su ne farkon ɓacewa, sai gefen ya koma kamar haƙoran zarto. Na tsaya tun katangar na da sauran toka-toka, na ƙarasa da Brush a kan Overlay, farin fenti, Opacity 30, wanda yake wanke tokar ba ya cin baƙin sosai. Fuska da riga na cike su da baƙi da hannu, na juya da Ctrl+I tunda fari ne ke bayyana, na mai da shi Layer Mask, wanda zai ɓoye katangar ya bar yarinyar.

Ina ɗora ta a kan bulan, sai ga jan zobe ya kewaye kan kamar an barbaɗa mata garin bulo. Auwalu ya ce a ƙara yankewa ciki da Shift Edge. Na hana. Yankan ya yi daidai, launin katangar ne ya maƙale a cikin silin, in ka bi shi da yanka ƙwaryar ɗazu za ka koma. Na buɗe sabon Layer a sama, na ɗaure shi da Ctrl+Alt+G don fentin kada ya zuba a bango, na sa shi a Color, na ɗebo launi daga tsakiyar gashin da Alt na shafa gefen. Jan ya tafi, amma hasken yana nan, domin Color launi kawai yake canzawa. Sai da na ƙara wani a Multiply, Opacity 20, kafin zoben ya kwanta. Bulan ma na sauya shi da mai haske, kusa da hasken katangar, nan take sauran aibin ya ɓuya. Na shimfiɗa baƙi a ƙasa na duba, na shimfiɗa fari na duba. Har silin da ya miƙe shi kaɗai a saman kunnenta yana nan.

Awa biyu. Abincin da Hadiza ta aiko ya huce.

Bayan magariba na kai wa Inna a waya kafin a wanke. Ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Allah ya yi albarka. Amma kai Habibu, yarinya kai ba kitso za a rataye a ɗaki baƙi na shigowa? Ɗaura mata ɗankwali."

Na ce to, Inna.

Auwalu na bakin ƙofa yana danne dariya. Ban kula shi ba. Fayil ɗin dai na adana shi daban, gobe in ga inda zan samo ɗankwalin da haskensa ya zo daga hagu.