Laraba: Korola da rasit ɗin da babu

Da kuɗina na fita yau, da su kuma na dawo gida. Tun makon jiya ciniki ya faɗa a kan wata Korola ƙirar 2008, naira miliyan shida da dubu ɗari biyu, ban da la'adar dillali. Makanikena ya duba inji da giya da ƙafafu ya ce ba laifi, don haka a raina yau ranar tura kuɗi ce da karɓar makulli. Kawu ne ya ce sai ya raka ni. Ya yi shekaru yana tuƙin manya kafin ya ajiye aiki, kuma shi a wurinsa mota takardu ce, ƙarfen daga baya yake zuwa.

Mun haɗu da mai motar da dillali wajen ƙarfe goma a gindin wata dalbejiya. Mai motar ya miƙo ambulan, Kawu bai ko buɗe ba, ya ce a fara ɗaga bonet. Lambar cesis yake nema, mai haruffa da lambobi 17. Ya sa na karanta wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, sannan wadda ke jikin takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofa, shi kuma yana bin ta takarda da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in lura, babu I ko O ko Q a lambar cesis ta gaskiya, saboda kada a rikita su da 1 da 0. Na goma a jerin shi ke nuna shekarar ƙira, tamu kuwa 8 ce, wato 2008 ɗin da aka faɗa mana. Da 6 muka gani, da an ƙara wa motar ƙuruciyar shekara biyu ke nan a baki. Ya kuma shafa wurin da aka buga lambar inji ko zai ji alamar goge ko sabon fenti. Lafiya lau.

Abin da waya za ta iya yi ni na yi shi, cikin 'yan mintuna. Na sa lambar motar a shafin hukumar kiyaye haɗurra, nvis.frsc.gov.ng, ya nuna lambar ta gaskiya ce kuma ta Toyota Korola ce. Na duba inshora a askniid.org, tana da rai har nan da wata huɗu. Har na fara murmushi, dillali kuma ya samu bakin magana: "Malam, ai na gaya maka motar nan tsaf take, tura kafin alƙalami kawai mu wuce wurin."

Kawu dai bai ɗago kai ba. Ya shimfiɗa takardun a kan but yana jera su bisa tsufansu, kamar mai lissafin gado. Takardun kwastan sun nuna ta shigo ta tashar Tin Kan a Legas, an biya duti, lambar cesis ɗin ma ta dace. Takardar shaidar mallaka da lasisin mota suna ɗauke da sunan wani ma'aikaci, shi ya fara yi mata rajista. Bayansu akwai yarjejeniyar da ma'aikacin ya sayar wa wani ɗan kasuwa, da sa hannun shaidu biyu. Daga nan sai takardu suka ƙare. Wanda ke tsaye a gabanmu yana jiran kuɗi ba ma'aikacin ba ne, ba kuma ɗan kasuwar ba ne. Sunansa bai fito ko sau ɗaya ba.

"Ɗana," in ji Kawu, "daga hannun ɗan kasuwar nan zuwa hannunka, ina takardar?"

Ya ce ai abokinsa ne, tsakaninsu ba a yin rubutu. Kawu ya gyaɗa kai, sannan ya ɗaga takardar mallakar ya haska ta a rana. Kwafi ce mai launi, an lulluɓe ta da leda har ta yi kyalli. Na kwastan ma kwafi ne. Ni kam wallahi da ni kaɗai ne da ban gane ba, ledar nan ta gama da ni. Ina na asalin? Wai suna gida, za a kawo bayan an biya.

A nan na tuna da rajistar kayan jingina ta ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya, wadda dokar 2017 ta tsaya mata. Idan banki ko ƙaramin bankin ba da rance ya karɓi mota a matsayin jingina, a can yake shigar da ita, kuma ana iya bincikawa da lambar cesis a ncr.gov.ng bayan an biya ɗan kuɗin bincike. Na ɓata kusan rabin awa ina fama da sabis, a ƙarshe dai babu komai a kan motar. Na nuna wa Kawu cike da jin kai. Ya ce, "Wannan bashin banki ta sani. Bashin da aka ƙulla a zaure bayan sallar isha'i fa, wa ya rubuta mata shi?"

Gaskiyarsa ce. Duk shafukan nan abin da aka shigar musu kaɗai suke faɗa. Mutum ya riƙe takardun asali na motar da ya riga ya rabu da ita, ba don ado yake yi ba.

Lambar wayar ɗan kasuwar tana ƙasan yarjejeniyar. Kawu ya ce a kira shi a buɗe murya kowa ya ji. Mai motar ya yi ɗan jim, amma bai hana ba. Bayan doguwar gaisuwa mutumin ya faɗi komai ba ɓoye-ɓoye: ya ba shi motar ne a kan miliyan biyar, biya kaɗan-kaɗan, an ba shi miliyan uku da dubu ɗari takwas, saura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu tun kafin azumi. Takardun asali suna cikin durowarsa, kuma ba za su fito ba sai an cika masa. Bai ma san an sa motar a kasuwa ba.

Ban ɗauki mai motar ɓarawo ba. Ina jin niyyarsa ya karɓi kuɗina ya je ya biya bashin ya kawo takardun. Amma da wata buƙata ta sha gabansa a hanya fa? Da na zauna da mota mai sunan mutum na farko, takardunta a hannun na biyu, kuɗina a aljihun na uku. Ranar da ɗan kasuwar ya kai ƙara, shi ke da takardu, ni kuwa sai kwafi a leda.

Kawu ne ya tsara yadda za a yi, kuma duk sun yarda, har dillalin da fuskarsa ta riga ta canza. Jibi Juma'a da safe za mu haɗu mu duka a shagon ɗan kasuwar. Zan tura masa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu kai tsaye, ya rubuta cewa an gama biyansa kuma ya sayar, ya fito da takardun asali. Sannan a rubuta yarjejeniya ta biyu tsakanina da mai motar, mai ɗauke da lambar cesis da ta inji da lambar mota da farashi, da shaidu da kwafin katin shaidar kowa. Miliyan huɗu da rabi zan tura masa nan take ta banki, zuwa asusun da ke da sunansa, ba na dillali ba. Ragowar dubu ɗari biyar sai Litinin, bayan mun kai takardun duti ofishin kwastan an tabbatar da su, an yi takardar rantsuwa a kotu, mun kuma shigar da canjin suna a ofishin lasisin motoci. Mai motar ya so ya yi gardama a kan wannan, Kawu ya ce ai kwana uku ne.

A Adaidaita Sahu muka dawo. Uwargida ta leƙo tana neman mota a ƙofar gida, yara ma har sun share wurin ajiye ta. Na ce musu sai Juma'a in Allah ya kai mu. Bayan magariba na kira ɗan kasuwar na roƙe shi ya turo mini hoton takardar mallakar ta asali, gaba da baya. Ya turo, na sake bin lambar cesis ɗin da yatsa yadda Kawu ya yi, duka 17 sun dace.